Sikanin tsofaffin hotuna, diyapo da negatif: dpi nawa za a sa don in an ƙara girma hoto kar ya fashe?

Tambayoyin nan kusan kullum sai an yi mana su a shago nan Damagaram, wasu a baki wasu ta WhatsApp, shi ya sa na tattara su wuri guda. Duk maganar tana komawa kan abu ɗaya: kafin ka taɓa mashin ka san girman da kake son fitarwa a ƙarshe, daga nan ne lambar dpi ke fitowa.

Malam wai mene ne dpi ɗin nan da kuke ta faɗa?

Sikana tana yanka hoto ne zuwa ƙananan ɗigo, su ake kira piksel. To dpi shi ne yawan ɗigon da take ɗauka a tsawon inci guda, inci guda kuwa santi 2,54 ne. In lojisiyel ɗinka na Faransanci ne wani lokaci za ka ga an rubuta `ppp` a gaban `Résolution`, abu ɗaya ne. In ka sa 300, kowane inci na hoton an raba shi gida 300, in ka sa 1200 an raba shi gida 1200. Ita lambar kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka haɗa ta da girman abin da ka ɗora kan gilashi. Ɗari uku a kan takardar A4 piksel ne masu yawa, ɗari uku a kan ɗan hoton kardante kuwa ba komai ba ne.

To yaya ake lissafin?

Hoton da za a riƙe a hannu ko a duba kusa, ana son ya samu piksel 300 a kowane inci na takardar da aka buga. Don haka sai ka ga sau nawa za ka ninka girman, ka ninka da 300:

```
dpi = (faɗin da kake so ÷ faɗin asali) × 300
```

Ɗauki hoton albam na santi 10 x 15 wanda kowa ke da shi. Kana son ya koma 20 x 30, ninki biyu ke nan, biyu sau 300 ya ba da 600. In ka yi sikanin a 600 za ka samu piksel wajen 2362 x 3543, daidai abin da 20 x 30 ke buƙata. In girmansa na asali kawai za ka sake bugawa 300 ta isa, amma ni ko a nan 600 nake sawa, domin mutane sukan dawo bayan shekara su ce yanzu babba suke so, ko a ciro musu fuskar mutum guda daga cikin taro, kuma lokacin an riga an maida hoton wajen mai shi a Magarya ko Tanut.

A kula da wannan na ciro fuska. In mutum guda za ka yanko daga hoton biki, to faɗin asali a lissafin ba santi 10 ba ne, faɗin ɗan wurin da za ka yanko ne. Fuskar da ta ci santi 2 a hoton, kana son ta cika santi 10, ninki biyar ne ba ninki ɗaya ba.

Hoton kardante kaɗai ya rage mana na marigayi babanmu, muna son a yi babba a sa a kadur. Zai yiwu?

Allah ya jiƙan baba. Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa, bari in bi ta da lambobi a hankali.

Hoton kardante yawanci santi 3,5 x 4,5 ne. A ce kuna son ya cika faɗin A4, wato santi 21. Ashirin da ɗaya a raba da uku da rabi, ninki shida. Shida sau 300, 1800 ke nan, a mashin kuma abin da za ka tarar a jeri 1200 ne ko 2400.

Yanzu ga abin da ke faruwa in an kai shi sibar aka bar mashin a 300 yadda suke sikanin takardun jarabawa: za a samu piksel wajen 413 x 531 kacal. Ka shimfiɗa wannan a kan santi 21, kowane inci ya samu piksel 50, shi ne za ka ga gefen hula da kunne sun yi gida-gida kamar matakala, ido ya koma ɗan baƙin murabba'i. A 1200 kuwa za a samu wajen 1654 x 2126, a kan A4 ya kama piksel 200 a inci, wannan ya isa hoton bango sarai. A 2400 ya kama 400.

Sai dai a nan ne nake tsayar da mutane in gaya musu gaskiya tun kafin su biya. Dpi mai yawa yana hana gida-gidan nan ne kawai, ba ya ƙirƙiro abin da babu a takardar. Hoton kala da aka wanke a labo, ainihin bayanin da ke jikinsa bai cika wuce abin da 300 zuwa 600 ke kwashewa ba. Sauran duk saƙar takarda ce da ƙura da ƙarce. Kamar matsar man gyaɗa ne, in man ya gama fita ko ka kwana kana matsa tunkuza ce a hannunka. Don haka A4 ɗin zai fito sumul ba gida-gida, amma da laushi, gashin gemu ba zai rabu ɗai-ɗai ba. Daga nesa kamar mita biyu a bangon falo ba wanda zai lura, kusa ne ake gani.

Shawarata ga irin wannan hoto 13 x 18, a sa shi cikin kadur mai faɗin baki. Ninkin bai kai huɗu ba, 1200 ta rufe shi, kuma fuskar tana nan yadda kuka san ta. Kuma kafin komai ku tambayi iyaye mata a gida ko negatif ɗin na nan cikin wata ambulan a ƙasan akwati, in an same shi magana ta canza gaba ɗaya.

Me ya sa kuke nacewa kan negatif, alhali shi ne ƙarami?

Domin shi ne asali, takardar kwafi ce aka yi daga gare shi. Fim na 35 mm, hoton da ke jikinsa milimita 24 x 36 ne, ɗan mitsitsi, amma bayanin da ke cushe ciki ya fi na takardar 10 x 15 da aka wanke daga shi nesa ba kusa ba. Diyapo ma girmansu ɗaya ke nan, bambancin kawai ita kalarta a daidai take kuma tana cikin ɗan kwali ko roba.

Tunda ƙarami ne dole lambar ta haura sosai. Daga santi 3,6 zuwa santi 30 ninki takwas da ɗoriya ne, wato dpi 2500 don a samu 20 x 30. A 2400 kana samun piksel wajen 3400 x 2270, ya yi kusa ƙwarai, ba wanda zai ga bambanci. A 3200 wajen 4535 x 3024. A 4000 wajen 5670 x 3780, wannan ya isa 30 x 45 har da ɗan saura. Wuce 4000 a fim ɗin da aka ɗauka da ƙaramar kamara a hannu, a wajen suna ko hawan sallah ana gudu ana ƙura, tsakin fim kawai kake ƙara wa girma.

In negatif ɗin babba ne, irin na tsofaffin sutudiyo mai murabba'i 6 x 6, hotonsa wajen milimita 56 ne kowane gefe. Shi 2400 ta ba shi piksel kusan 5300, wato santi 45 a bugu mai kyau. Ba ya buƙatar a matsa masa.

Mashin ɗina an rubuta 19200 dpi a kwali, ke nan na fi kowa?

A'a yaya. Lamba iri biyu ce. Akwai ta gaskiya wadda idon mashin ke iya ɗauka, a takardar mashin za ka ga `optique`, akwai kuma `interpolée`, wadda lojisiyel ne ke cike tsakanin piksel biyu da hasashe. Ta biyun ita ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, kuma ba ta ƙara komai sai nauyin fishiye. Kar ka taɓa wuce ta farkon.

Kai ko ta farkon ma akwai magana. Epson Perfection V600 an rubuta mata 6400, amma abin da gilasan cikinta ke iya rarrabewa a zahiri bai kai rabin haka ba. Shi ya sa negatif ɗin 35 mm da aka yi a kanta yake fitowa da kyau a 13 x 18, ya yi daidai gwargwado a 20 x 30, daga nan sai laushi. A irinta ni 3200 nake tsayawa, 6400 ɓata lokaci ne, ga wuta da ba ta da tabbas ana tsakiyar aiki ta ɗauke. Mashin ɗin da aka yi don fim kaɗai, irin Plustek OpticFilm ko tsohuwar Nikon Coolscan mai 4000 da aka daina ƙerawa, sun fi ta gani nesa.

Su kuwa firintocin nan masu haɗe da sikana da fotokopi da ke kowane sibar, hoton takarda a 600 suna yi ba laifi. Negatif ne ba sa iyawa sam, domin fim sai an haska shi ta baya, su kuma babu fitila a murfinsu. In ka ɗora za ka samu wani baƙin abu mai ruwan ƙasa kawai. Ƴan siraran nan kuma masu shan wuta ta USB, duk abin da bai kwanta lif a gilashi ba yana fita dishi-dishi, to hoton da ya lanƙwashe da zafin Afrilu a ɗora masa littafi mai nauyi a kan murfi.

Ta yaya zan gane inda ƙarin dpi ya daina amfani a hotona?

Gwaji ne na minti biyar kuma ya fi duk lissafin da na yi a sama. Yi `Aperçu`, ka zana ɗan murabba'i a kan ido ɗaya ko zanen hula ko aikin wuyan riga, ba sai duka hoton ba. Yi sikanin wurin a 600, sake a 1200, sake a 2400. Buɗe su a ordinatar ka ja su har idon ya zo girma ɗaya a allo. Sai ka tambayi kanka: a na 1200 na ga wani zare ko gashin ido da ban gani ba a na 600? In ka gani, ci gaba. In abu ɗaya ne sai dai ya fi laushi, ko kuma ƙura da saƙar takarda ne suka ƙara fitowa, to ka kai iyaka.

Za ka ga hotuna sun bambanta. Ƴan ƙananan baƙi da farin nan masu baki kamar haƙoran zarto, na zamanin kakanni, da yawansu an ɗora negatif ne kai tsaye a kan takarda aka wanke ba a ƙara girma ba, shi ya sa suke ɗauke da bayani fiye da yadda ido ke gani. Irinsu 1200 tana fito da abin mamaki, har rubutun allo a bayan ƴan lakwal sai ka karanta. Hoton kala na shekarun 1990 da aka wanke da gaggawa kuwa sau da yawa a 600 ya gama ba da abin da ke gare shi.

Kafin ka biya kuɗin babban bugu kuma, yanko fuskar a girman da za ta fito, ka buga ta a ƴar takardar 10 x 15, ka manna a bango ka ja da baya. Kuɗin kaɗan ne, kuma abin da ka gani shi za ka samu.

Don bashe ne na taro, mita ɗaya da rabi. Sai dpi dubu nawa ke nan?

Kar lissafin 300 ya tsorata ka, wancan na abin da ake dubawa a hannu ne. Hoton bango babba 150 ta ishe shi, bashen da ake hange daga tsallaken titi ko ƙasa da 100 ya yi. Negatif ɗin da aka yi a 3200, piksel 4535 a kan santi 150, ya kama wajen 77 a inci, kuma daga mita uku huɗu lafiya lau yake. Sai ka cire 300 a lissafin ka sa 100 ko 150. Hoton kardante dai ba zai yi bashe ba, ko wa ya ce maka zai iya.

Na yi a 1200 amma hoton ya fito da ƴan ramuka kamar saƙar zuma, wani kuma da layi-layi. Me ya jawo?

Abu biyu ne daban. Saƙar zuma daga takardar ce, akwai hotunan sutudiyo da aka wanke a takarda mai gurza-gurza, fitilar sikana tana bugun ta a karkace sai kowane ɗan tudu ya yi inuwa, kuma ƙara dpi ƙara fito da su yake yi. Juya hoton a gilashi ka sake, wani lokaci wata kusurwar ta fi sauƙi, in ya ƙi to ɗauka da kamara a inuwa ya fi.

Layi-layi kuwa alama ce cewa ba hoton labo ba ne, daga jarida ko kalanda ko littafi aka yanko shi. Waɗannan da ɗigon tawada aka buga su, in ka duba da gilashin ƙara girma za ka gani. A Epson Scan sai ka shiga `Mode professionnel` ka kunna `Détramage`. Zai rage layin amma ka cire rai da babban bugu, ɗigon tawada ba ya ninkuwa da kyau.

Ƙura fa? Da hunturu ko na share sai ta dawo.

Nan Zinder ai ba a gama da ƙura, daga Disamba zuwa Fabrairu kana sharewa tana sauka. Kuma ka tuna ninki takwas ɗin nan na negatif bai bar ƙura a baya ba, ɗan silin da ido ba ya gani zai fito kamar igiya a goshin mutum. Rufe ƙofa da taga, kashe fanka, hura fim da ƴar robar hura iska ba da baki ba, riƙe shi ta gefe. Kar a goge da gefen riga, yashin da ke cikin ƙurarmu yana ƙarce fim kuma ƙarcen ba ya fita.

Wasu mashin suna da `DIGITAL ICE`, wata fitila ce ta daban da ke gano ƙura ta share ta. A negatif na kala da yawancin diyapo tana aiki sosai. A fim baƙi da fari na gargajiya a kashe ta, domin azurfar da ke jikin fim ɗin tana tare wannan hasken sai mashin ya ɗauka hoton kansa ƙura ne ya dagula shi. Diyapo ɗin da aka rubuta Kodachrome a kwalinta ita ma takan ba da matsala, gwada ɗaya ka gani kafin ka yi duka.

Wani abu da ake mantawa, `Netteté`. In a kunne take da ƙarfi tana zana farin layi a gefen fuska da hula, a allo kamar ya yi kyau, in an buga babba sai ka ga kamar an yanko mutum an manna. Kashe ta lokacin sikani, a ƙara kaifin daga baya in an san girman bugu.

JPEG ko TIFF?

Na ajiya TIFF, na rabawa JPEG. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, kuma abin da ya zubar a babban bugu yake tona kansa, wasu ƴan murabba'ai a sararin sama ko a farar riga. Nauyi dai akwai: negatif na 35 mm guda a 3200 wajen mega 41 ne in an sa zurfin kala a 24 bit, ninki biyu a 48 bit. Ita 48 ɗin ina sa ta ne ga negatif da hotunan da suka koɗe suka yi ja, waɗanda za a ja kalarsu da ƙarfi wajen gyara. Hoton da ke lafiya 24 ta ishe shi. In kile ɗinka ƙarama ce JPEG a mafi ingancinsa ba laifi, kawai kar ka yi gyara a kan na asalin, kwafa tukuna.

Hajiya ta ce ɗanta ya turo mata ta WhatsApp daga Yamai, ya ce a 1200 ya yi, amma mai bugu ya ce ƙarami ne.

Duka biyun gaskiya suka faɗa, Hajiya. In aka tura a matsayin hoto WhatsApp yana rage piksel ɗin ya matse shi, aikin 1200 ya tafi a hanya. Ya sake turowa ta `Document`, ko a kile. Kuma kar a dubi lambar dpi da ke rubuce a fishiye, ita ana iya canza ta ba tare da hoton ya ƙaru da komai ba. A dubi piksel: danna dama, `Propriétés`, `Détails`, a ga faɗi da tsawo. Raba kowanne da 118 ka samu santin da zai buga da kyau a kusa, domin 300 a inci daidai yake da wajen 118 a santi. Piksel 1600 ya ba da santi 13 da rabi, piksel 3543 ya ba da 30.

Ba ni da sikana, in ɗauka da salula?

Ga hoton 10 x 15 yana yi in ba yadda za a yi. Salula mai megapiksel 12 tana ba da 4000 x 3000, in hoton ya cika allo a lissafi ya haura 600. Matsalar ƙyalli ne da karkata da kuma yadda salular ke shafe fata da kanta. Fita inuwa da safe, kashe filash, jingina salular kan wani abu ta daidaita da hoton sosai, ka sa ƙirgen sakan uku don hannu kar ya girgiza. Ga hoton kardante kuwa yawancin saluloli ba sa iya matsowa kusa su gani tar, sai ka ja baya, hoton ya ci ɗan lungu a allo, ka koma inda mai sibar ya bar ka. Wannan a nemi sikana mai 1200 ta gaskiya, a tsaya a kan mai aikin har a ga ya canza lambar daga 300 kafin ya danna.